Hakin da ya biyo bayan suna: kundin bibiyar wata maijego

Wannan kundi na sashenmu na masu ciwon zuciya ne, muna rubuta shi duk lokacin da muka ga mara lafiyar. Mun cire sunanta da na garinsu, za mu riƙa ce mata maijego kawai.

2 ga Yuni

An kawo ta da hantsi, a zaune a bayan mota, domin ta ƙi yarda a kwantar da ita. Shekarunta 20, haihuwar fari, yau kwana 24 da sauka, tana wankan gida wurin iyayenta. Haihuwar ta zo da sauƙi, ba ta zubar da jini mai yawa ba. Bayan suna da kamar mako guda ta fara jin haki idan ta ɗauko bokiti. Daga nan sai tari da dare, busasshe, sai ƙafafu suka kumbura har silifas ya daina shiga. A gida aka ce jego ne. Da abin ya ƙi, aka kai ta wani kemis, aka ce rashin jini ne da asma, aka ba ta maganin ƙarin jini da na shaƙa, aka kuma ɗaura mata ruwa leda biyu. A daren da aka ƙara ruwan ne ta kwana a tsaye, riƙe da ƙarfen taga.

Tambaya uku muka fara yi mata, kuma su ne suka karkata mu ga zuciya tun kafin a taɓa na'ura. Matashi nawa kike kwana a kai? Ta ce da ɗaya ne, ya koma uku, yanzu kuwa jingina take da bango. Numfashi yana tashin ki daga barci? Ta ce kullum, wajen ƙarfe biyu na dare, kamar an danne mata ƙirji. Kumburin yana raguwa da safe? Ta ce ya daina raguwa. Mai rashin jini tana haki idan ta yi aiki, amma tana kwanciya ta miƙe lafiya lau. Wadda kwanciyar ce take shaƙe ta, ruwa ne a huhu har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Abin da muka samu: bugun zuciya 118 a minti, numfashi 30, awon jini 102 bisa 74, iskar da ke cikin jini kashi 90 cikin 100, nauyi kilo 52. Jijiyar wuyanta a cike take har kusa da kunne alhali tana zaune. A ƙasan huhu biyun ana jin ƙarar ruwa, irin ta gishiri a kan garwashi. Hanta ta sauko kamar yatsa uku ƙarƙashin haƙarƙari, tana zafi idan an danna. Da muka danna ƙaurinta da babban yatsa, ramin ya daɗe bai cike ba.

Mun zaunar da ita a gado, muka ɗaga kan gadon, muka sa mata iska ta hanci, muka yi mata allurar furosamid, wato lasis, miligiram 40 ta jijiya. Mahaifiyarta ta tambaya ko ba za a ƙara mata ruwa ba tunda ba ta cin abinci. Muka ce, “Hajiya, ruwan ne ya yi yawa. Fitar da shi za mu yi.” An rubuta a allon gadon da jan biro cewa kada a ɗaura ruwa sai da izinin likita.

3 ga Yuni

Ta yi fitsari lita biyu da ɗigo takwas cikin awa 24. Numfashi ya sauko 24.

Yau ranar tankaɗe ce, domin ba zuciya kaɗai ke sa maijego haki ba. Kaurin jininta 32 ne cikin 100: ya yi ƙasa kaɗan, amma bai kai ya shaƙe mutum ba, don haka ba zancen ƙarin jini, wanda ma zai iya nutsar da ita. Fitsari ba furotin, awon jini bai hau ba, ke nan ba hawan jinin ciki ne ya biyo ta bayan haihuwa ba. Ba zazzaɓi, hoton ƙirji bai nuna ciwon huhu ko tarin fuka ba, sai dai zuciya ta faɗaɗa, huhu ya jiƙe. Gwajin ƙanjamau da na maƙoƙo lafiya. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne gudan jini da ke tasowa daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu, domin makonnin jego lokacinsa ne. Amma shi yakan zo farat ɗaya, sau da yawa da ƙafa ɗaya a kumbure, ita kuwa nata a hankali ya taho, ƙafa biyu daidai.

Hoton zuciya na eko ne ya raba gardama. Ƙofofin zuciyar ba su da tabon ciwon gaɓoɓi na yarinta, wanda shi ma ciki kan tona asirinsa. Ɗakin hagu na ƙasa, mai tura jini zuwa jiki, ya buɗe ya kai santimita biyar da ɗigo takwas, bangonsa kuma da ƙyar yake motsi ta kowane gefe. Adadin da na'ura ke rubutawa EF ya nuna 26. Ba mu ga gudan jini a cikin ɗakin ba.

Ma'anar EF mai sauƙi ce. Idan ɗakin ya cika da jini, kashi nawa cikin 100 yake turawa a bugu ɗaya? Lafiyayyar zuciya tana tura 55 zuwa 65. Idan mace ta samu gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin da ke bin haihuwa, adadin ya gaza 45, kuma ba a samu wani dalili ba, to sunan abin ciwon zuciyar jego. Shi ne ke damun ta.

Magani daga yau: lasis sau biyu a rana ta jijiya, inalafiril miligiram biyu da rabi safe da dare, da allurar hana daskarewar jini sau ɗaya a rana muddin tana kwance. Zuciyar da ba ta matsewa sosai jini kan yi kwantai a lungunta, jinin maijego kuma dama mai saurin daskarewa ne.

4 ga Yuni

Yau ta iya magana ba tare da yankewa ba, sai muka tura na'urar gefen gadonta muka juyo mata da allon. Mun fara nuna mata hoton lafiyayyar zuciya, bangaye suna haɗuwa kamar ana tafi. Sannan muka ɗora mata abin a ƙirji. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, “Likita, tawa rawar sanyi take yi.”

Tambayarta ta farko ita ce wadda kusan kowace ke yi: me ya sa sai bayan an sauke nauyin? Ga yadda muka yi mata bayani. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, amma mabiyiya tana sauƙaƙa wa zuciya aiki, don jini yana bi ta cikinta ba tirjiya. Da an haihu, mabiyiya ta fita, hanyoyin jini sun ƙara matsewa, mahaifa ta tsuke ta mayar da jininta cikin jijiyoyi, ruwan da ya taru a jiki wata tara shi ma ya fara dawowa. Zuciya mai ƙarfi tana kwashe wannan a 'yan kwanaki, ƙoda ta zubar. Wadda naman ta ya raunana ba ta iya kwashewa, sai jini ya yi cunkoso a bayanta. Abin da ke bayan ɗakin hagu kuwa huhu ne. Ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ga haki, ga tari. Cunkoson ya ci gaba da komawa baya, ya kai hanta da ƙafafu. Da rana ruwan yana taruwa a ƙasa, idan ta kwanta sai ya gangaro ƙirji, shi ya sa dare ya fi rana wuya.

Ta ce, “Ashe ledar ruwan nan...” Muka ce ledar ba ita ta kawo ciwon ba, amma an ƙara wa jakin da ya riga ya durƙusa kaya.

Me ya raunana naman zuciyar tun farko? Akwai abubuwa da ake tuhuma. A ƙarshen ciki mabiyiya tana sakin sinadaran da ke takura wa ƙananan jijiyoyin jini, kuma sun fi yawa ga masu hawan jinin ciki da masu tagwaye. Sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, a jikin wasu mata yana tsagewa ya bar wani guntu mai cutar da jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya. Wasu kuma da gadon raunin aka haife su, ciki ne kawai ya fito da shi. Mun tambayi ko akwai wadda ta rasu da kumburi bayan haihuwa a dangi, ko wani da zuciya ta kashe da ƙuruciya. Mahaifiyar ta ce babu wanda ta sani.

5 ga Yuni

Kakarta ta zo, ita ce mai yi mata wanka. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, “An ce ni na dafa yarinyar nan.” Wani ne a ɗakin ya faɗa mata haka jiya, kuma maganar ta tsaya mata.

Wannan zargi yana da tarihi. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 masu gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Maganar ta shiga littattafan koyarwa, har yau ana karanta ta. Gaskiya ne ƙasar Hausa tana cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya: binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a asibitoci 22 na Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96 a Arewa maso Yamma. Sai dai shi wannan binciken, da ya kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu, bai ga wanka da kunun kanwa sun bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne rama, rashin karatun boko, rashin abin yi, da hawan jinin ciki. A Yamai da Kano kuma an sha samun ƙarancin sinadarin siliniyom a jinin masu ciwon.

Saboda haka abin da muka gaya wa tsohuwar shi ne, “Iya, ba ke kika sa mata ba. Amma daga yau kanwa ta haramta gare ta.” Waɗannan magana biyu ba sa karo da juna. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyom ne ya fi yawa a cikinta, shi kuma duk inda ya shiga ruwa na bin sa ya zauna. Ga lafiyayya ƙoda za ta fitar. Ga mai EF 26, kofin kunu ɗaya kullum yana iya warware aikin ƙwayar lasis. Wanka kuwa mun ce a yi da ruwa mai ɗumi, a zaune a kujera, ba tafasasshe da ake fyaɗawa da ganye ba, don zafi yana buɗe jijiyoyi, ga magani yana sauke awon jini, sai ta yanke jiki ta faɗi a bayi.

A ganinmu ɗora wa tsofaffi laifin gaba ɗaya kuskure ne har ta fuskar aiki. Su ne ke riƙe da tukunya. Idan aka kunyata su a asibiti, a gida za a rama.

8 ga Yuni

Nauyi kilo 46 da rabi, wato ruwa kilo biyar da rabi ya fita cikin kwana shida. Ta kwana a matashi ɗaya, an cire iska, huhu ya bushe. Lasis ya koma ƙwaya, miligiram 40 da safe. Gwajin jini ya nuna fotasiyom ya sauka zuwa uku da ɗigo uku, aikin lasis ne, kuma ƙarancinsa na rikita bugun zuciya. Mun ƙara sifironolakton miligiram 25, wanda ke riƙe fotasiyom kuma yana taimakon zuciyar kanta.

Yau ne muka fara kabedilol, miligiram 3.125 safe da dare. Da gangan muka jinkirta shi. Wannan magani yana rage gudun zuciya ya ba ta hutu, kuma yana cikin waɗanda ke sa ta farfaɗo, amma idan aka ba shi huhu na jiƙe, ko aka fara da babban awo, sai ya ƙara durƙusar da ita. Ƙa'idarsa a fara da kaɗan bayan ruwa ya fita, a riƙa ninkawa bayan kowane mako biyu ko fiye.

Mun daɗe a kan batun buromokiriftin. Shi ne maganin da ke tsayar da furolaktin, kuma wani ƙaramin gwaji a Afirka ta Kudu a 2010, na mata 20, ya nuna waɗanda aka ba sun fi farfaɗowa. Hujjar ba ta yi ƙarfin da za a ce dole ba ne. Farashinsa kuma shi ne nono ya ƙafe, sannan sai an haɗa shi da maganin hana daskarewar jini. Mun zauna da ita da maigidanta muka yi lissafin gwangwanin madara na wata shida, muka tambayi inda suke ɗibar ruwa: rijiya ce, ga damina ta kama. Jaririn wata ɗaya a kan bulumboti a irin wannan gida, gudawa ce ke jiran sa. Tunda tana samun sauƙi da sauran magunguna, mun bar shi, za ta ci gaba da shayarwa. Da EF ɗinta ya gaza 25 tana ƙara lalacewa, da shawarar ta bambanta. Inalafiril da sifironolakton kaɗan ne ke shiga nono. An gaya mata ta kula ko yaron zai riƙa barci fiye da kima ko ya rage kama nono.

10 ga Yuni

Sallama. Abin da ta tafi da shi, ban da magani:

Sikelin awon nauyi, maigidan ya saya. Ta hau kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da zane iri ɗaya, a kan siminti ba a kan tabarma ba, ƙanenta ya rubuta a littafi. Idan ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ta taho, kada ta jira ranar asibiti. Ruwa lita ɗaya da rabi a rana, wato ledar fiya wata uku, kuma kunu da shayi da romo duk a ciki suke. Tunda tana shayarwa, ranar da zafi ya tsananta ta ƙara leda ɗaya. A ɗebi miyarta kafin a sa dunƙule da gishiri. Yajin jego a daka mata nata daban, ba dunƙule. Ɗanwake da miyar kuɓewa da aka sa wa kanwa, a'a. Ciwon jiki, farasitamol kaɗai.

An kuma koya wa mutanen gidan alamun da ba a kwana da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, suma, ko tari da kumfa mai ja-ja.

18 ga Yuni

Ta dawo kwana shida kafin ranarta, daidai ranar arba'in. Littafin ya nuna 46 da rabi, 47, 48, 49. Matashi ya koma biyu. Ƙanen ne ya matsa a taho, ya ce ai likita ya ce kilo biyu.

Da muka bi diddigi, abu uku ne suka haɗu. Kakar ta ga kamar nono ya ragu, sai ta koma dama kunu da “'yar kanwa kaɗan, ta ɗanɗano”. Maijegon kuma bayanta ya yi ciwo, wata maƙwabciya ta ba ta dikulofenak, ta sha kwana huɗu. Shi da ibufurofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, idan kuma suka haɗu da inalafiril da lasis suna iya taɓa ƙodar. Na uku, ta tsallake lasis kwana biyu saboda 'yan barka sun cika gida, tana jin nauyin yawan fita bayi a gabansu.

Ba mu kwantar da ita ba. Allurar lasis ɗaya, sannan ƙwaya sau biyu a rana na kwana uku, ta koma ɗaya. Kabedilol ba a ƙara ba, ba a kuma tsayar ba, don yanke shi farat ɗaya yana sa zuciya ta zabura. Gwajin ƙoda lafiya. Lasis kuma mun ce ranar da take da baƙi ko tafiya ta matsar da shi zuwa azahar maimakon ta bari, amma kada ya wuce la'asar, in ba haka ba fitsari zai hana ta barci. Nono kuwa mun auna yaron, ya ƙaru yadda ya kamata. Aka nuna wa tsohuwar katin. Kunun gyaɗa ya maye gurbin na kanwa.

24 ga Yuni

Nauyi 46 da rabi. Bugun zuciya 96. Inalafiril ya koma miligiram biyar safe da dare.

Zaman yau na tazarar haihuwa ne, kuma da maigidan aka yi shi, tunda za ta koma ɗakinta. Dalili biyu muka ba shi. Inalafiril yana lalata ƙodar ɗan tayi, sifironolakton ma ba a ba mai ciki, ke nan ciki yanzu yana nufin a ajiye magungunan da ke gyara zuciyar. Na biyu ya fi nauyi: macen da ta sake ɗaukar ciki zuciyarta ba ta koma daidai ba, wato EF bai kai 50 ba, tana cikin haɗarin mutuwa na gaske. Ko wadda ta warke sarai, kusan ɗaya cikin biyar abin kan dawo mata a ciki na gaba.

Ya ce, “Likita, ai tana shayarwa.” Muka ce Malam, shayarwa ba katanga ba ce da za a jingina rai da ita. Ƙwayar tazara ta yau da kullum mai sinadari biyu ba ta dace da ita ba, tana ƙara haɗarin gudan jini. An sa mata ashanar hannu. Ita ce ta tambaya da kanta ko ke nan ta gama haihuwa. Amsar da muka ba ta: ba yau za a yanke wannan ba, hoton zuciya ne zai faɗa, kuma ba na wata uku ko shida ba.

22 ga Yuli

Kabedilol 6.25 tun 8 ga wata, yau ya koma 12.5. Tana share tsakar gida, tana goya yaro zuwa maƙwabta. Ta ce ta warke, ko za a rage ƙwayoyin. Wannan shi ne lokacin da muke yawan rasa mata: haki ya tafi, kuɗin magani ya fara ciwo. Mun bambance mata su a tafin hannu. Lasis na jin daɗi ne, yana kwashe ruwa, shi za a iya ragewa. Sauran ukun ba ta jin aikinsu, amma su ne ke gyaran. Lasis ya koma miligiram 20.

19 ga Agusta

Ta zo ranga-ranga, jiri na ɗibar ta idan ta miƙe. Amai da gudawa kwana biyu, kuma ta ci gaba da shan komai yadda aka ce, har da taƙaita ruwa. Awon jini 84 bisa 56, nauyi 44 da rabi, gwajin ƙoda ya hau, fotasiyom biyar da ɗigo shida. Wannan giɓi daga bayaninmu ne: mun koya mata tsoron ruwa, ba mu koya mata ranar da dokar ke juyawa ba.

An tsayar da lasis, inalafiril da sifironolakton, aka ba ta ruwan gishiri da sukari tana kurɓa a hankali, ta kwana ɗaya. Kabedilol an rage shi rabi. Bayan kwana biyar ƙoda ta dawo, aka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ban da lasis, wanda yanzu sai sikeli ya hau za ta sha. An ƙara layi a bangon littafinta: ranar amai ko gudawa, ajiye ƙwayoyi ukun nan, sha ruwa, zo a duba jini.

9 ga Satumba

Eko na wata uku: EF 34, faɗin ɗakin biyar da ɗigo biyar. Ta kalli allon ta ce yanzu bangon yana ɗan sunkuyawa. Ta so ta ji 55, fuskarta ta nuna. Ci gaba ne, amma ba mu yi mata alkawari ba. A matan da binciken Najeriya ya bibiya, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ta rasu. Yawancin farfaɗowa a wata shida na farko take faruwa, wasu kuma sai shekara ɗaya ko biyu.

Maigidan ya ji labarin siliniyom a rediyo. Akwai gwajin da aka yi a nan Najeriya, maikurogiram 200 a rana na wata uku, waɗanda suka sha alamunsu sun ragu. Gwajin ƙarami ne, bai isa ya zama doka ba, kuma yawan siliniyom guba ne, yana zubar da gashi ya lalata farce. Mun ce idan zai iya saye ba tare da ya taɓa kuɗin sauran ba, a yi wata ukun a wannan awo, kada a wuce. Idan kuɗin na ɗaya ne, kabedilol ne gaba.

2 ga Disamba

Wata shida. Kabedilol ya kai miligiram 25 safe da dare tun Oktoba, inalafiril 10 safe da dare, sifironolakton 25. Lasis sau biyu kawai ta sha a wata biyu. Bugun zuciya 72, awon jini 100 bisa 66. Nauyi 48, kuma wannan karon nama ne: a hankali ya taru, ƙafa ba kumburi, jijiyar wuya a kwance. Mun gyara adadin da ke bangon littafin, daga 48 za a riƙa ƙirga kilo biyun.

EF 41, faɗi biyar da ɗigo biyu. Ba ta kai ba tukuna. Ko da ta kai 50, magani zai ci gaba aƙalla shekara guda bayan nan, sannan a janye ɗaya bayan ɗaya ana duba hoto.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne yaye. Akwai sababbin magungunan gazawar zuciya da za su iya ƙara mata, amma ba a ba mai shayarwa. Yaron yana dab da wata bakwai, ya fara kunu. Ita tana son ta kai shi shekara ɗaya da rabi, mahaifiyarta na cewa biyu. Tunda adadin yana hawa kuma ba ta da haki, mun amince a bar shi a nono zuwa hoto na gaba. Idan ya tsaya a 41 ko ya sauka, za a sake zama da su uku. An rubuta mata gwajin ƙoda da fotasiyom a farkon Janairu, eko kuma 3 ga Maris.